Ƙwaya Biyu a Gonar Gwaji

Na fi shekara ashirin ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Malumfashi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa sallama a ƙofar gidana don yana bukatar ilimina. Malamin lissafi har gida ake binsa, na Turanci kuwa da rigar Sallah ake gaishe shi. Malamar Hausa ba mai ganin aikinta, tunda kowa da Hausarsa ya tashi. Shi ya sa ranar da malamin gona na yankinmu ya jingine babur ɗinsa a bakin zaurenmu ya ce manajansu yana son ganina kan wani aikin fassara, sai da na sake tambayarsa ko ba gida ya ɓata ba.

Wata ƙungiya ce da ta buɗe ofis a Funtua, ta kawo sabon irin masara za ta raba wa manoma a ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Dayi. Tare da irin akwai 'yar takardar bayani cikin Turanci, ana son a mai da ita Hausa kafin ruwa ya zauna. Ƙauyenmu na cikin waɗanda aka zaɓa, kuma gonar gwajin da za a nuna wa baƙi, wani ɗan fili ne a bakin titi na kawuna, yayan mahaifiyata. Dattijo ne a majami'armu, ya koyi karatun boko a ajin manya na 'yan mishan, kuma har gobe da yatsa yake bin layi. Ko takardar maganin tari aka ba shi sai ya karance ta tas kafin ya buɗe kwalbar.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Kwana uku ina juya kalmomi, har da zuwa ƙauye in tambayi Kawu yadda manoma ke faɗin abu kaza. Inda Bature ya zagaya da layi biyu, sau da yawa kalma ɗaya ta ishe ni. Na rubuta a shuka ƙwaya biyu-biyu a kan kunya, a rufe sama-sama. Na rubuta kwana bakwai-bakwai a zazzaga gona a dudduba ganye saboda tsutsa. Na rubuta idan ganye ya yi rawaya-rawaya a zuba yuriya maza-maza. A sama na sa kan magana: Sababbin hanyoyin noma iri-iri. Da na gama na karanta wa kaina da ƙarfi, na ji daɗin kaina ƙwarai, abin da a majami'a aka sha ja mana kunne a kai.

Ran Litinin na shiga mota zuwa Funtua. Manajan, wanda kowa a ofishin ke kira Yallaɓai, Bahaushe ne tsantsa, ɗan gari, amma irin waɗanda suka je karatu nesa suka dawo suna jin Hausa kamar tsohuwar rigar da ta yi musu kaɗan. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya ce shi yana matuƙar girmama harshen uwa. Da Turanci ya faɗi hakan. Sannan ya zaro jan biro.

Matsalar, in ji shi, takardar dole ta tsaya a fuska ɗaya, domin bayanta an keɓe wa tambarin masu ba da tallafi da hotonsa yana riƙe da zangarniyar masara. Fassarata kuwa ta yi tsawo da layi huɗu. Ya ce ya duba, ya gano inda ɓarnar take: na cika maimaita kalmomi. Ya ce ya san halin mutanenmu ne, in suna son su ƙarfafa magana sai su faɗe ta sau biyu, amma wannan al'adar hira ce a gindin bishiya, ba ta dace da takardar kimiyya ba. Ina kallo ya soke biyu ɗaya, ya soke sama ɗaya, ya soke bakwai ɗaya.

Na gyara zama na fara yi masa darasin da nake yi wa 'yan aji biyar. Na ce Yallaɓai, wannan ba maimaici ba ne, a nahawu ninki ake ce masa, kuma kowane da aikinsa. Biyu adadi ne, biyu-biyu rabo ne, wato kowane rami ya sami biyu. Kwana bakwai sau ɗaya ne, kwana bakwai-bakwai kuwa duk mako ke nan har a yi girbi. Zaga da duba, mutum ya leƙa ya wuce, amma zazzaga da dudduba sai ya bi lungu-lungu, ganye bayan ganye. Na ce masa gaskiya ne wani ninkin ƙarfi yake ƙarawa, kamar maza-maza. Amma wani ragewa yake yi: rawaya-rawaya bai kai rawaya ba, launin ya fara dusashewa ne kawai, kuma a lokacin ake son taki, ba sai ganye ya gama mutuwa ba. Haka sama-sama, ɗan kaɗan ke nan, kada a danne irin da ƙasa mai yawa.

Ya saurare ni yana murmushi irin na likitan da majiyyaci ke gaya wa sunan cutarsa. Ya ce ai duk wannan manomi zai gane daga yanayin maganar. Na ce to in wuri ne matsalar, a sa bibbiyu, ya fi gajarta kuma ma'anar ɗaya ce. Ya gwada faɗinta a bakinsa, ya ce wannan kamar mai in'ina. Zazzaga da dudduba ma in'inar ce, ya aske musu kai suka koma zaga da duba.

Sai na nuna masa kan maganar. Na ce in ninki laifi ne, to hanyoyi ma ninki ne, daga hanya, an maimaita baƙin ƙarshe don a nuna jam'i. Sababbi ma haka, daga sabo. Kyakkyawan iri da ya rubuta da kansa a jikin buhu, shi ma kyau ne aka ninka gabansa. Ya duba, ya ce waɗannan ai kalmomi ne na gaske. Ya bar su. Amma iri-iri bai tsira ba, kan maganar ya koma Sababbin hanyoyin noma iri, ya ce ma ya fi dacewa tunda dama iri ake rabawa.

Zan so in ce na miƙe na kwashe takarduna na fita. Ban yi ba. Ya ce za a sa sunana a ƙasan takardar a matsayin mai fassara, ni kuwa ban taɓa ganin sunana a bugu ba, in ban da jerin masu aikin dafa abincin Kirsimeti. Na ce a raina manoma ba yara ba ne. Na shanye ruwan sanyina, na yi godiya, na kama hanyar tasha.

Bayan mako biyu aka yi taron rabon iri a filin firamaren ƙauyenmu. Na je, domin in ga sunana. Yana nan kuwa, da ƙananan baƙaƙe, an ma yi kuskure a harafi ɗaya. Maza sun zauna a kan benci, Kirista da Musulmi a cakuɗe kamar yadda ake zama a kowane taron taki, mata a gefe a inuwar dalbejiya. Yallaɓai ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce abin da ya hana manomin ƙasar nan ci gaba shi ne taurin kai da cewa haka muka gada. Ya ce wannan takarda masana ne suka tsara ta, saboda haka a ajiye abin da aka sani a gefe, a bi ta sak, kada a ƙara, kada a rage. A cikin mutanen da yake gaya wa haka, akwai waɗanda tun kafin a yaye shi suke cika rumbu.

Takardar ta zaga hannu-hannu. Daga ɓangaren mata aka fara dariya ƙasa-ƙasa, domin wata ta karanta musu layin da ya koma a zuba yuriya maza, suka ce madalla, bana an sauke musu wannan aikin, takarda da kanta ta kira maza. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi da me ake rufe sama, ya ce shi dai tabarmarsa ba za ta kai ba. Yallaɓai ya ɗauka murna ake yi, har ya ɗaga musu hannu.

Kawu bai yi dariya ba. Ya bi takardar da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan sunana ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sannan ya miƙe, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Nan an ce a shuka ƙwaya biyu. Biyu ake nufi, ko biyu-biyu?"

"Baba, me aka rubuta?"

"Biyu."

"To ka bi abin da aka rubuta. Irin wannan ƙare-ƙaren ne muke son a bari."

Kawu ya ce ya gode, ya mai da hularsa ya zauna. Na lura Yallaɓai da bakinsa ya ce ƙare-ƙare, amma ban ga alamar ya ji kansa ba. Na kuma san wannan godiyar ta Kawu. Ita ya yi wa wani mai wa'azi baƙo da ya ce masa bai iya rera waƙar da ya shekara arba'in yana rerawa ba.

Ruwa ya zauna, aka yi shuka, ni kuma jarrabawa ta sha kaina, ban leƙa ƙauye ba sai bayan wajen wata guda. Daga cikin mota na hango allon ƙungiyar a bakin titi, sabo fil, an rubuta gonar gwaji. Bayan allon ga kunyoyi an ja su santala-santala, an nome su tas, ko ciyawa ɗaya babu. A tsakiyar filin, kan kunya ɗaya, masara biyu ne tsaye, kore shar, kamar amarya da ƙawarta. Na ce wa direba ya sauke ni nan.

Na sami Kawu a gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara da maigidana ɗaya bayan ɗaya. Da na kawo maganar gonar, ya ce ai takardar 'yarsa ya bi, ko akwai kuskure a ciki? Ya ce ya tambaya a gaban jama'a an ba shi amsa. Ƙwaya biyu ya shuka. Ran kwana bakwai ya zaga gonar sau ɗaya ya dubi ganye, bai sake ba, sai dai in noma ya kai shi. Rufe sama ne kawai ya gagare shi, ya bar wa Mai sama. Na tambaye shi sauran irin fa. Ya ce yana gonarsa ta bakin rafi, inda ba allo, kuma can da yake ba masana, bibbiyu ya zuba.

Na roƙe shi ya cike filin ko da wake ne, kafin ranar da baƙi za su zo. Ya ce takarda ba ta ce wake ba. Sannan ya ajiye fartanyar ya ce mini, cikin muryar da ba faɗa a ciki, shi bai damu da yaron Funtua ba, bai sani ba ne. Wadda ta sani ta sa hannu ita ce abin mamaki. Na tashi na shiga wajen matarsa na taya ta tsinke zogale.

Malamin gona, bawan Allah, ƙauyuka da yawa ne a wuyansa, ga babur ɗinsa kullum a wajen bakanike. Ta waya yake bin gonakin gwaji. Duk lokacin da ya kira, Kawu sai ya ce masa an bi takarda sak, masara kuma ko ɗaya ba ta mutu ba. Shi kuwa ya rubuta haka a rahotonsa. Da ya zo da kansa ya gani, saura kwana huɗu taro, an riga an aika wa baƙi takardar gayyata. An ce ya daɗe zaune a kan babur bai kashe shi ba. Ya rasa ta inda zai fara gaya wa Yallaɓai, ya yi ta ɗagawa zuwa gobe har goben ta ƙare.

Ranar taron motoci uku suka zo, da manyan ƙungiyar daga birni, da mai ɗaukar hoto. An kafa rumfa, an jera kujerun roba. Mutanen ƙauyukan kewaye sun cika wurin fiye da yadda aka zata, kuma Yallaɓai ya faɗa wa baƙinsa cewa wannan alamar karɓuwar shirin ce. Gaskiya ne labarin gonar ya karɓu, har a kasuwar Dayi ana ba da shi. Aka taka zuwa bayan allo. Masarar nan biyu sun fi mutum tsayi, kowace da goyonta manya-manya, domin takin fili guda Kawu ya yi ta ba su daidai yadda za su iya ci.

Shugabar tawagar wata Hajiya ce mai gilashi, 'yar Zariya, mai magana a hankali. Ta tambayi Kawu ko tsutsa ce ta cinye sauran, ko iri ne bai tsiro ba. Kawu ya ce a'a, Hajiya, iri kam ba shi da laifi, duk abin da ya shuka ya fito. Ya zaro takardar daga aljihu, a ninke cikin leda, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karanta. Na ga leɓenta ya motsa a wajen rufe sama, ta cire gilashin ta goge, ta mayar.

"Wa ya fassara wannan?"

Yallaɓai ya nuna ni tun kafin ta rufe baki. Duk girmamawar da yake yi wa harshen uwa, ranar ya sakar mini shi gaba ɗaya. Sai dai ni ma ban zo hannu sake ba. Tun ranar da na ga masara biyun nan nake yawo da asalin rubutuna a jaka, wanda jan bironsa ya bi ta kai. Na miƙa mata. Ta haɗa takardun biyu tana dubawa, sannan ta tambayi Yallaɓai a hankali, in aka ce ya raba wa baƙin nan lemo biyu, da in aka ce ya rarraba musu biyu-biyu, kwalba nawa zai sayo. Ya fara bayani da Turanci kan ƙarancin wuri a takarda. Ta ce ya amsa mata da Hausa, tunda manoma na saurare. Sai dariya ta ɓarke a wurin.

Wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya shiga noma a shekarar, shi ne ya ɓata wa mutane dariyar. Ya matso ya ce shi bai gaji noma ba, takardar ya dogara da ita da gaske. Biyun kam maƙwabta sun gyara masa tun ranar shuka. Amma ya ga ganyensa ya fara dusashewa, ya duba takarda ta ce sai ya yi rawaya, ya zauna jira. Kafin ya zuba yuriya masarar ta riga ta tsumbure. Bai ɗaga murya ba, ya ce dai a riƙa tunawa da irinsu in za a yi rubutu. Wannan maganar ta fi ta Kawu yi mini zafi, domin sunana ne a ƙasan takardar da ya bi.

Kawu ya ja baƙin zuwa gonar bakin rafi, suka ga masarar da aka shuka yadda ya kamata, aka ɗauki hotuna a can. Da yamma ma'aikatan suka tumɓuke allon suka kai shi can suka kafa. An ce a rahoton da aka aika sama an rubuta cewa gwajin ya yi nasara ƙwarai, sai dai an sami 'yar matsala ta fassara. Ba a sake nemana ba.

Da kaka ƙungiyar ta fitar da takarda ta biyu, kan yadda ake adana masara. Yallaɓai da kansa ya rubuta ta, kuma a bayyane yake ya ɗauki darasi, domin wannan karon ba abin da ya bari bai ninka ba. Ya fahimci manomi na son ninki, ninki kuma ƙarfi ne. Don ya nuna a busar da masara sosai, ya rubuta a zuba ta a buhu busasshiya-busasshiya, bayan ƙwayar ta yi tauri-tauri, a ajiye a ɗaki mai tsabta-tsabta. Wato dai a ɗure ta da sauran danshinta, ba ta gama ƙwari ba, a ɗakin da aka share rabi.

Malamin gona ne ya kawo mini ita makaranta lokacin hutun tara, ya tsaya a bakin ofishin malamai yana juya makullin babur. Ya ce ba Yallaɓai ne ya aiko shi ba, shi ne dai ba ya son a sake jin kunya, ga kuma masarar mutane. Damin takardun na ɗaure a bayan babur ɗinsa, bai raba ko ɗaya ba tukuna. Na aika aka kira mini 'yan aji biyar, na rubuta jimlolin uku a allo, na tambaye su abin da ke damun kowace. Ba su ɗau lokaci ba suka faɗa, suna dariya. Na raba musu takardun goma-goma, kowa da bironta, muka soke rabin kowace kalma muka rubuta sosai a gefe. Kafin a tashi mun gama, ya ɗaure kayansa ya nufi hanyar Dayi.